Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ministan Lafiya a Kan Matan da Al'ada Ke Ɗauke wa Kafin Shekara Arba'in

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate,

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wasu mata da tsarin lafiyarmu bai tanadar wa layi ba. Ba a ganin su ranar awo, don ba ciki gare su ba, ba a kuma ganin su a ɗakin tsarin iyali. 'Yan shekara ashirin da wani abu ne, ko talatin da 'yan kai, waɗanda jinin al'ada ya ɗauke musu domin gidan ƙwansu ya daina aiki tun lokacinsa bai yi ba. Ni likitar mata ce a asibitin gwamnati a nan Arewa, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda muke sallamar waɗannan mata. Da zarar an gaya wa mace cewa haihuwa za ta yi wuya, sai a ga kamar magana ta ƙare, alhali ita da cutar yanzu suka fara. Shekara goma sha biyar ko ashirin ke gabanta da za ta yi babu sinadarin da ke kare mata ƙashi da jijiyoyin jini, kuma wannan ɓangaren ne muke da maganinsa a hannu.

Kai likita ne, amma tun da wasiƙar a buɗe take, ka yi mini uzuri in ɗan yi shimfiɗa saboda sauran masu karatu. Ana haifar 'ya mace da dukkan ƙwan da za ta mallaka a rayuwarta. Tamkar rumbu ne da aka cika sau ɗaya, ana ɗiba ba a ƙarawa. Tana jaririya tana da tsakanin miliyan ɗaya da biyu, lokacin balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, haka suke ta raguwa har su kusa ƙarewa a wajen shekara hamsin, al'ada ta tsaya. Gidan ƙwan nan kuma shi ke samar da sinadarin istirojin. Idan ƙwan ya ƙare da wuri, ko kuma yana nan amma ya daina amsa kiran ƙwaƙwalwa, istirojin sai ya faɗi. An daɗe ana cewa mace ɗaya cikin ɗari ce wannan ke samu kafin shekara arba'in, ɗaya cikin dubu kafin talatin. Sabon lissafin da aka tattaro daga ƙasashe da dama ya kai abin sama da uku cikin ɗari. Ko da tsohon adadin muka ɗauka, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, babu babban asibitin da waɗannan mata ba sa ratsawa ta ƙofarsa.

Ga yadda abin ke tafiya a wajenmu. Mu ɗauki mace 'yar shekara 28, 'ya'yanta biyu, ta yaye na ƙarshe tuni. Al'adarta ta fara tsallake, wata ɗaya ta zo, wata biyu shiru, daga baya ta ɗauke ɗungurungum. Farkon abin murna ake yi a gidan. Da watanni suka wuce ciki bai fito ba, sai uwar miji ta ce ai kwanciya ya yi, a nemo maganin tayar da shi. Cikin dare zafi kan taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zane ko da sanyin hunturu ake yi, zuciyarta na bugawa, barci ya gagara. A kyamis aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, aka ba ta magani, aka sake ba ta. Gabanta ya bushe, kwanciyar aure ta koma azaba, sai aka ce sanyi ne, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta iri iri, ƙawaye kuma suka haɗa ta da mai kayan mata. Ga saurin fushi, ga mantuwa, ga kuka ba dalili, don haka aka kai ta ruƙiyya. A wani asibiti an ba ta ƙwayar kawo jini ta kwana goma, jini bai zo ba, kuma babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Dalilin kuwa a fili yake. Wannan ƙwaya ba ta zubar da komai sai idan istirojin ya riga ya gina shimfiɗar mahaifa, rashin zuwan jinin kansa alama ce. Tana shekara 31 ta iso hannun wanda ya rubuta mata gwajin da ya kamata a yi tun watannin farko.

Gwajin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ana fara da na ciki, kullum, ko da mace ta rantse ba ta da shi. Sai a ɗebi jini a auna FSH, wato sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikawa gidan ƙwai don ya yi aiki. Idan gidan ƙwai ya yi shiru, ƙwaƙwalwa sai ta yi ta ƙara aikawa, adadin ya hau. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2015, ta kuma sabunta a 2024 tare da takwarorinta na wasu ƙasashe, a taƙaice take: mace ƙasa da shekara arba'in, al'ada ta ɗauke ko ta rikice na aƙalla wata huɗu, sannan FSH ya haura 25. A da sai an maimaita gwajin bayan mako huɗu. Yanzu sau ɗaya ya isa idan lamarin a bayyane yake, a maimaita idan akwai shakka. Abin lura ɗaya shi ne, mace mai shan ƙwayar tsarin iyali ba a dogara da gwajinta, domin ƙwayar na danne adadin, sai ta dakata na wasu makonni. A misalin da na kawo, a ce nata ya fito 72, ciki babu, sinadarin nono da na tairod duk lafiya. Babu sauran tantama.

Wannan gwajin yana da wani amfani da ya fi ƙarfi a yankinmu, domin akwai cututtuka biyu da ke kama da wannan a ido, kuma muna da su da yawa. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga nan ruwan nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, ga kasala, wataƙila ciwon Sheehan gare ta, wato ƙullin da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne ya lalace saboda ƙarancin jini. A wajenta FSH ba ya hawa, kuma tana buƙatar wasu magungunan da rashinsu kan iya kashe ta. Macen da aka yi wa wankin ciki bayan ɓari, al'ada ta ƙi dawowa amma ba ta jin zafi ko gumin dare, wataƙila bangon mahaifarta ne ya manne, gidan ƙwanta lafiya lau, FSH ɗinta daidai. Mata uku ke nan masu kuka iri ɗaya, maganinsu daban daban, kuma tambayoyi kaɗan da kwalbar jini ɗaya ke raba su.

Me ke kawo shi? A mafi yawan mata ba a gano sanadi ko an bincika, kuma ya kamata a faɗa musu haka ƙarara, a ƙara da cewa ba laifinsu ba ne. Na sha jin mace na ɗora wa kanta alhaki don ta taɓa shan ƙwayar tazarar haihuwa. Ƙwayar ba ta ƙarar da ƙwai. Inda ake gano sanadi, wani daga halitta yake. Akwai ciwon Turner, inda aka haifi yarinya da kuromozom X ɗaya maimakon biyu, ko na biyun ya zo a gutsure. Yana samun kimanin 'ya mace ɗaya cikin 2,500. Yawanci gajeru ne, nono ba ya fitowa a kan kari, don haka yarinyar da ta kai shekara 15 ba ta taɓa ganin jini ba asibiti ya kamata a kai ta, kada a ce a bari aure zai kawo shi. Akwai kuma wani sauyi a ƙwayar gado mai suna FMR1, wanda kusan mace ɗaya cikin biyar masu ɗauke da shi al'adarsu ke tsayawa da wuri, kuma shi ne ke iya kawo taɓuwar fahimta ga 'ya'yansu, musamman maza. Shi ya sa tambayar ko uwa ko yaya ta daina al'ada da wuri ba ta barin bakina. Wani lokacin kuma garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi gidan ƙwai, sau da yawa tare da tairod, wani sa'in tare da ƙullin da ke saman ƙoda. Na biyun ba shi da yawa amma yana da haɗari: mace ta riƙa ramewa, fatarta da dasashinta suna ƙara duhu, jininta na sauka, tana marmarin gishiri. Irin wannan ba a jinkirta tura ta.

Sanadin da ya fi shafar ofishinka kuwa shi ne wanda mu ma'aikatan lafiya ke jawowa da hannunmu, ko da da kyakkyawar niyya. Sankarar mama kan kama matanmu suna da sauran ƙuruciya, kuma cikin magungunan da aka fi ba su akwai saikulofosfamaid, wanda ke kashe ƙwai kai tsaye. Gashin haske a ƙugu, irin wanda ake yi wa sankarar bakin mahaifa, yana kashe gidan ƙwai kusan duk lokacin da ya same shi. Haka ma magungunan da ake ba masu sikila kafin dashen ɓargo. Ba wanda zai ce a fasa ceton rai saboda al'ada. Amma haƙƙin mace ne a gaya mata kafin a fara, a kuma shirya mata abin da zai biyo baya.

Sai tiyata. A nan zuciyata ta fi sosuwa, domin yawancinsa abin kaucewa ne. Mace 'yar shekara 35 ta shiga a cire mata mahaifa saboda ƙari, likita ya ga tun da an buɗe, bari a haɗa da gidajen ƙwai biyu a huta da tsoron sankara. Ko yarinya ta zo da ƙullin ruwa a gefe ɗaya, maimakon a ɓare ƙullin a bar gidan ƙwan, sai a yanke shi gaba ɗaya, bayan 'yan shekaru ɗaya gefen ma ya samu matsala a yanke. Da yawansu ba su san abin da aka cire musu ba. Takardar sallama ba ta faɗa ba, mijin da ya sa hannu ma bai sani ba. Wadda aka cire wa mahaifa ba ta da al'adar da za ta ɗauke ta yi mata gargaɗi, sai dai zafin jiki da rashin barci da za su sauko mata cikin kwanaki. Likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun bi sawun matan wata gunduma a jihar Minnesota na tsawon shekaru masu yawa, kuma abin da suka wallafa a 2006 da 2007 ya nuna cewa waɗanda aka cire wa gidajen ƙwai biyu kafin shekara 45 ba tare da an mayar musu da istirojin ba sun fi saurin mutuwa, kuma cire gidan ƙwai kafin lokacinsa yana ƙara haɗarin rikicewar tunani a tsufa.

Yanzu ga abin da ke faruwa a jikin matar can mai shekara 31 idan muka bar ta haka. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, kuma istirojin ne ke taka wa masu rushewar burki. Mutum kan gama tara ƙarfin ƙashinsa ne a wajen shekara talatin. Idan istirojin ya tafi, ƙashin baya kan rasa kusan kashi biyu cikin ɗari na kaurinsa a kowace shekara a shekarun farko. Macen da al'adarta ta tsaya a hamsin ta fara wannan asara ne bayan ta gama tari ta kuma ci moriyarsa. Wannan kuwa ta fara asarar tana 28, tarin ma bai kammala ba. Abin ba ya ciwo, ba ya ba da alama, sai ranar da santsi ya kwashe ta a bakin rijiya ta dafa ƙasa wuyan hannu ya karye, ko bayanta ya fara rankwafawa tana raguwa a tsawo, ko ƙugu ya karye tana 'yar hamsin da wani abu. Za a kai ta wajen mai ɗori, ba kuwa wanda zai danganta karayar da jinin da ya ɗauke shekara ashirin baya. A yankinmu akwai ƙarin nauyi, domin abincinmu na yau da kullum, tuwon masara da na dawa, ba shi da kalsiyam sosai. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa lanƙwasar ƙafar yaran da aka duba ta fi nasaba da ƙarancin kalsiyam a abinci fiye da rashin bitamin D. 'Yan matan da suka tashi a kan wannan abinci su ne ke zuwa mana yau.

Zuciya ma haka. Istirojin yana taimaka wa jijiyoyin jini su kasance da laushi, yana kuma daidaita kitsen da ke cikin jini. Wani babban nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya haɗa bayanan mata sama da 300,000, ya gano cewa waɗanda al'adarsu ta tsaya kafin arba'in haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru musu da kusan rabi, idan aka gwada su da waɗanda tasu ta tsaya a hamsin ko hamsin da ɗaya. Ka san yadda hawan jini ya yi mana katutu, ka san kuma yawan waɗanda ba su ma san suna da shi ba. Wannan ƙarin haɗari a kan wancan yake hawa.

Maganin shi ne a mayar mata da abin da jikinta ya daina yi, har ta kai shekarun da sa'o'inta za su daina al'ada, wato wajen hamsin ko hamsin da ɗaya. Ga matar misalinmu, ƙwayar istiradayol ce miligiram 2 kullum, ko abin mannawa a fata mai ba da maikurogiram 100 a rana. Tun da mahaifarta na nan, dole a haɗa da furojestaron na kwana 12 zuwa 14 a kowane wata, misali miligiram 200 da dare, domin istirojin shi kaɗai yana sa shimfiɗar mahaifa ta yi ta kauri har ta iya rikiɗa ta zama sankara. Wannan kuskure ne da ake yi, a ba mace istirojin tsurarsa ta yi ta sha shekara da shekaru. Wadda aka cire wa mahaifa ce kaɗai ke shan sa shi kaɗai. Cikin makonni zafin jiki da gumin kan lafa, barci ya dawo, jini ya riƙa zuwa wata wata. Idan bushewar gaba ta ƙi tafiya, akwai man istirojin na sakawa. A ƙara da nono da kindirmo, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka da zogale, tafiyar ƙafa, da ɗan shan hantsi. A auna mata jini duk shekara. Idan jini ya riƙa zuwa ba a kan tsari ba, a bincika, kada a ɗauka maganin ne kawai. Yana da iyakarsa: wadda ta yi sankarar mama yawanci ba a ba ta, wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya kuma sai da shawarar ƙwararre, kuma na mannawa ya fi mata aminci.

Da yawa cikin abokan aikina suna tsoron rubuta wannan magani. Tsoron ya samo asali ne daga wani babban bincike na Amurka da aka dakatar da ɓangarensa a 2002, bayan an ga ƙarin sankarar mama da ciwon zuciya ga masu shan sinadaran. Amma matan da aka yi binciken a kansu 'yan shekara 50 zuwa 79 ne, matsakaicinsu 63, an ba su sinadarin a lokacin da jiki ya riga ya yi sallama da shi. Mace 'yar shekara 31 kuwa cike mata gurbi ake yi, ba a kai ta sama da abin da ƙawarta mai lafiya ke da shi ba, kuma babu hujjar da ta nuna hakan na ƙara mata haɗarin sankarar mama fiye da ƙawar tata. Ɗora sakamakon wancan bincike a kanta zalunci ne da muke yi da sunan taka tsantsan.

Inda istiradayol ya yi tsada ko babu shi, akwai abin da ke kan kantar asibitocin gwamnati, wanda tun 2011 manufar gwamnatin tarayya ce a bayar da shi kyauta, wato ƙwayar tsarin iyali mai haɗe da sinadarai biyu. Tana iya tsayawa a madadi, musamman idan aka sha ta a jere ba tare da hutun kwana bakwai ba, domin a kwanakin hutun mai wannan lalura ba ta da istirojin ko kaɗan. Sai dai ba ta dace da mai hawan jini ba, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido. Allurar wata uku da ashanar hannu ba sa wannan aiki sam, allurar ma rage kaurin ƙashi take yi. Akwai kuma matsalar gida. Ka miƙa wa macen da ke kukan haihuwa ƙwayar hana ɗaukar ciki, mijinta ya gani, ka san inda ƙwayar za ta ƙare. Kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin gidan ƙwan irin waɗannan mata ba kullum yake mutuwa murus ba, yakan farfaɗo jefi jefi, har kashi biyar zuwa goma cikin ɗari nasu kan samu ciki ba tare da an yi komai ba. Istiradayol da furojestaron ba sa toshe wannan ƙofa, ƙwayar tsarin iyali kuwa tana toshewa. Don haka bai kamata talauci ya zaɓar wa mace tsakaninsu ba.

Game da haihuwa, gaskiya ya kamata mu faɗa, da tausasawa. Babu allura ko ƙwayar da aka tabbatar tana tayar da gidan ƙwan da ya gaza. Magungunan ƙarfafa ƙwai da ake ta rubuta musu wata bayan wata, har a sayar da ɗan kunne da akuya, ba sa aiki a nan, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta yi iyakar kiranta. Hanyar da ta fi ba da sakamako a likitance ita ce dashen ƙwan wata mace, kuma mafi yawan malaman Sunna ba su halatta shi ba. Likitan da ya faɗi wannan labari cikin minti biyu a tsaye ya aika mace gida ta fuskanci gorin dangin miji ita kaɗai. Ana buƙatar zama, a kira mijin idan ta yarda, a sake kiran ta bayan mako biyu, domin a zaman farko ba abin da take ji sai kalma ɗaya. Wasu auren kan mutu a kan wannan, kuma a nan ma takardar likita na da amfani, domin a mazhabar Malikiyya macen da jininta ya ɗauke ba tare da sanannen dalili ba shekara guda take idda, ya kamata alƙali ko malamin da za ta tambaya ya san haƙiƙanin halin da take ciki.

Ranka ya daɗe, kai ka shugabanci hukumar kula da lafiya a matakin farko daga 2008 zuwa 2011, a zamaninka aka fara shirin tura ungozomomi karkara, don haka ka fi ni sanin cewa abin da ba a rubuta a littafin ƙa'idar ma'aikacin lafiya na ƙauye ba, ba ya faruwa. Roƙona na farko layi ɗaya ne a cikin wannan littafi: duk macen da ba ta kai arba'in ba, ba ciki, ba shayarwa, ba allurar tsarin iyali, al'adarta ta ɗauke wata huɗu, a tura ta gwajin FSH, kada a ba ta ƙwayar kawo jini a sallame ta. Wannan ya ƙunshi cewa kowane babban asibitin ƙaramar hukuma yana iya yin gwajin ko aika jinin inda ake yi, kuma inshorar lafiya, wadda dokar 2022 ta wajabta wa kowa, ta biya kuɗinsa.

Na biyu, a sa istiradayol da furojestaron cikin magungunan da inshora da asusun kula da lafiya na matakin farko ke ɗaukar nauyi ga mai wannan lalura, a kuma tabbatar ana samun su a wajen Abuja da Legas da Kano. Magani ne na shekara ashirin. Macen da za ta sha wata uku ta daina don kuɗin mota ya gagara, ƙashinta zai ci gaba da zaizayewa daga inda ya tsaya.

Na ukun ba ya cin kuɗin gwamnati ko sisi. Ma'aikatarka, tare da ƙungiyar likitocin mata ta ƙasa da majalisar da ke ba likitoci lasisi, ta fitar da umarni cewa ba a cire lafiyayyen gidan ƙwai ga macen da ba ta kai shekara 45 ba sai da dalilin da aka rubuta a fayil, kuma da amincewarta ita kanta, a harshen da take ji, daban da amincewar cire mahaifa. Takardar sallama ta faɗi abin da aka cire da abin da aka bari, dama da hagu. Wadda lalura ta sa aka cire mata duka biyun, kada ta bar gadon asibiti sai da magani a hannunta da ranar dawowa. Haka kuma cibiyoyin sankara su yi wa kowace budurwa da matashiyar mace bayani kafin allurar farko, su kuma duba al'adarta bayan an gama.

Akwai abubuwan da suka fi waɗannan tsada, kamar na'urar auna kaurin ƙashi, gwajin kuromozom, da adana ƙwai kafin maganin sankara. Ina fatan su zo manyan asibitocin koyarwa na kowace shiyya. Amma ba sai an jira su ba, domin ba a buƙatar ko ɗaya cikinsu kafin a fara ba mace magani. Idan ma'aikatarka ta kafa kwamitin da zai rubuta wannan ƙa'ida, ina roƙon a sa ungozoma da ma'aikaciyar lafiya ta karkara a cikinsa, domin su ne waɗanda matan nan ke fara gaya wa cewa jini ya ɗauke.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wata likitar mata daga Arewa